Akawun ɗin gem ɗinka a jikin imel da layinka yake rataye

Mai buga PUBG Mobile ko Free Fire ko eFootball a Agege ko Idi-Araba da ke Legas, in ka tambaye shi kalmar sirrin akawun ɗinsa na gem, sau da yawa sai ya tsaya tunani. Bai taɓa rubuta ta a cikin gem ɗin ba. Ranar da ya sauke wasan a waya, maɓallin shiga da Facebook ko na Google ya danna, tun daga ranar kuma wasan ke buɗewa da kansa. Wato akawun ɗin da ya zuba wa UC ko dayamon, kuɗin sayayya na cikin wasan, na shekaru, ya tara kayan sawa da bindigogi da matsayi, ba shi da makulli nasa na kansa. Wanda ya riƙe Facebook ɗin ko Gmail ɗin shi ne mai akawun. Facebook ɗin ma a jikin imel da lambar waya yake rataye, domin can ake tura saƙon sauya kalmar sirri idan mutum ya ce ya manta. Saboda haka ɓarawon akawun ba ya ɓata lokacinsa a kan gem ɗin. Imel yake nema, ko layi.

Hanyar da aka fi bi ba ta bukatar wata gwanintar kutse. Ana yawan fasa rumbun bayanan shafukan intanet a kwashe adireshin imel da kalmomin sirrin mutane, daga baya jerin ya bazu a hannun masu saye da sayarwa. A watan Janairun 2019 mai binciken tsaro Troy Hunt ya bayyana wani tari da aka yi wa laƙabi da Collection #1, mai ɗauke da adireshin imel kusan miliyan 773, an tattaro su daga fashe-fashe daban-daban. Mai irin wannan jeri yana ɗora shi a kan manhajar da za ta riƙa gwada kowane imel da kalmarsa a Facebook da Gmail da shafukan gem, dubbai a jere, ba tare da ya san sunan kowa ba. Mafi yawa ba sa buɗewa. Waɗanda ke buɗewa su ne na mutanen da suka maimaita kalma ɗaya a wurare da yawa. Masu gem sun ɗanɗana irin wannan barna: a watan Afrilun 2020 kamfanin Nintendo ya sanar cewa an shiga akawun kusan 160,000 da bayanan shiga da aka samo ta wata hanya ta daban, daga baya adadin ya kai 300,000, kuma shawarar da kamfanin ya bayar ita ce a daina maimaita kalmar sirri a kuma kunna tantancewa mai mataki biyu.

A nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Suna ganin tunda kalmarsu doguwa ce, da lambobi da alamomi, sun tsira. Ƙarfin kalma yana kare ka ne daga mai canka. Ba ya kare ka daga wanda ya riga ya tsinci kalmar a rubuce a jerin da aka sato daga wani tsohon shafin neman aiki ko na sauke waƙoƙi da ka yi rajista shekaru biyar baya har ka manta da shi. Kwaɗo komai ƙarfinsa, idan mabuɗinsa ɗaya ne da na shago da na ɗaki da na akwati, ranar da mabuɗin ya faɗi a kasuwa duka ukun sun buɗe. Sauya wutsiyar kalma ma, a ce a nan ta ƙare da 1 a can ta ƙare da 2, ba ya raba su, domin manhajojin gwajin sun san wannan dabara, suna gwada ta.

Ba wai ƙarfin ba shi da amfani ba. Abin da na fi gani a hannun 'yan uwanmu shi ne lambar waya a matsayin kalmar sirri, kuma wannan ya fi komai rauni. Lambar Najeriya alƙaluma 11 ce, huɗun farko sanannu ne irin su 0803 ko 0805, saura bakwai, wato yiwuwa miliyan 10 kacal a ƙarƙashin kowane mafari, abin da kwamfuta ke ƙarewa nan take idan rumbun ya faɗa hannunta. Balle ma ba sai an canka ba: lambar tana nan a zauren WhatsApp na 'yan tawagarku, kowa na kallonta. Sunan budurwa da shekarar haihuwa da sunan kulob ɗin ƙwallo duk sahunsu ɗaya.

Mafita a aikace ita ce ka daina dogara da ƙwaƙwalwarka. Yawancin wayoyin Android suna zuwa da Google Password Manager, mai iya ƙirƙiro kalma doguwa marar ma'ana ga kowane shafi ya kuma adana ta, akwai kuma irin su Bitwarden ga mai son wanda bai jingina da Google ba. Abin da ya rage ka haddace guda ɗaya ce ko biyu: ta Gmail ɗin kanta, da ta manhajar ajiyar in ka zaɓi ta daban. Ita wannan ka gina ta da kalmomi biyar ko shida na Hausa waɗanda ba su da alaƙa da juna, ba karin magana ba, ba baitin waƙa ba, ba aya ba, tunda duk abin da mutane suka sani a jere ana iya sa shi cikin jerin gwaji. Ka rubuta ta a takarda ka ajiye a gida. Takarda a ƙasan akwati ta fi hoton allo a cikin waya aminci nesa ba kusa ba. In kana son sanin ko imel ɗinka ya taɓa fita a wani fashi, shafin haveibeenpwned.com da Troy Hunt ya buɗe a 2013 yana nunawa kyauta, haka ma Password Checkup da ke passwords.google.com yana lissafo maka kalmomin da ka maimaita da waɗanda suka fallasa.

Mataki na biyu da inda ya kamata ya zauna

Tantancewa mai mataki biyu na nufin bayan kalmar sirri sai an nemi wata shaida da ke hannunka kai kaɗai kafin a bar sabuwar waya ta shiga. Ko ɓarawo ya sami kalmar, zai tsaya a nan. Sai dai shaidun ba darajarsu ɗaya ba, kuma a gari irin Legas bambancin yana da girma.

Wanda aka fi sani shi ne lambar da ke zuwa ta tes. Ya fi babu, nesa ma. Rauninsa shi ne yana bin layi ne, ba ya bin mutum. Wanda ya fizge maka waya ta tagar mota a cunkoson Oshodi ba sai ya buɗe wayar ba: ya zare sim ɗin ya sa a wata ƙaramar waya, duk tes ɗinka ya koma wurinsa, har da na sauya kalmar sirri. Akwai kuma layin da aka yasar. Mutum ya yi rajistar Facebook da layin da yake amfani da shi a gida Arewa, ya zo Legas ya sayi sabo, tsohon ya kwanta watanni ba kira ba kati, kamfanin sadarwa ya karɓe shi ya sake sayar wa wani. Daga ranar, lambobin tantancewar akawun ɗinka wayar baƙo suke shiga, kai kuma ba ka da labari sai ranar da ka bukace su.

Manhajar tantancewa, irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, aikinta daban ne. Lokacin da kake kunnawa, shafin zai nuna maka hoton QR, wanda a cikinsa akwai wani dogon mabuɗi na sirri. Manhajar ta ɗauke shi ta adana, shafin ma ya riƙe kwafinsa. Daga nan kowannensu yana haɗa mabuɗin da agogo ya fitar da lamba mai alƙaluma 6 da ke sauyawa duk bayan daƙiƙa 30, bisa wata ƙa'ida da aka wallafa a 2011 mai suna RFC 6238. Ba a turo komai ta iska, shi ya sa lambar ke fitowa ko babu data, ko babu sabis, ko babu sim a wayar gaba ɗaya, kuma shi ya sa mai riƙe da sim ɗinka ba ya ganinta. Wannan tsari kuma shi ke bayyana matsalar da ta fi rikita mutane: idan kana rubuta lamba daidai ana ce maka kuskure ne, kusan kullum agogon wayar ne ya kauce, sau da yawa bayan ta mutu ba caji ko an saita lokaci da hannu. Ka shiga saitin kwanan wata da lokaci ka mayar da shi ya riƙa saita kansa, lambar za ta karɓu.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce matashi ne mai sauke kwandunan tumatir a kasuwar Mile 12, yana buga PUBG Mobile da dare, akawun ɗin a ɗaure da Facebook, Facebook ɗin an buɗe shi da Gmail da kuma wani tsohon layi, kalmar sirrin duka biyun ɗaya ce, kuma waya ɗaya gare shi. Daga ina zai fara? Daga tushe, wato Gmail, domin duk gyaran da ya yi a sama ana iya warware shi daga imel. Zai buɗe myaccount.google.com ya shiga Security, ya sauya kalmar sirri zuwa sabuwar da bai taɓa sa wa a ko'ina ba. A shafin nan zai duba Recovery phone da Recovery email, in tsohon layin ne a wurin ya cire ya sa wanda ke hannunsa, wanda aka yi wa rajista da lambar NIN ɗinsa shi kansa. Wannan sharaɗin na ƙarshe ba ƙarami ba ne, domin layin da aka yi wa rajista da sunan yayansa ko wani abokin kasuwa, ranar da ya ɓata ba shi za a bai wa sabon sim ba. Sannan ya kunna 2-Step Verification ya zaɓi Authenticator. Tunda wayar ɗaya ce ba zai iya ɗaukar hoton QR da ke kan allonta ba, sai ya danna zaɓin da ke nuna mabuɗin a rubuce, ya kwafa ya liƙa a cikin manhajar, ya mayar da lambar farko da ta fito don tabbatarwa.

Kafin ya bar shafin akwai abin da mafi yawan mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ke raba wanda zai dawo da akawun ɗinsa da wanda zai yi ta kuka a zaure. Backup codes ke nan, wato lambobin ko-ta-kwana. Google na bayar da lambobi 10, kowace mai alƙaluma 8, kowace sau ɗaya take aiki. Amfaninsu shi ne ranar da wayar ta ɓata da manhajar a cikinta. Ya kwafe su da biro a takarda, ya ajiye inda ba ya yawo da su, ba a bayan kwalin waya ba, ba a aljihun da ake lalubewa a motar haya ba. Na sha ganin wanda ya kunna mataki biyu da kyakkyawar niyya, wayar ta faɗa ruwa, ya wayi gari shi ne ya kulle kansa a waje, kuma abin yana da ciwo domin minti biyar na rubutu da ya hana. Tun watan Afrilun 2023 Google Authenticator na iya ajiye mabuɗansa a cikin akawun ɗin Google, don su dawo a sabuwar waya. Wannan na taimakawa ga Facebook da sauran shafuka, amma ba ya maye gurbin takardar, tunda sai ka shiga Gmail ɗin tukuna kafin su dawo, shiga Gmail ɗin kuma na neman mataki na biyu.

Bayan Gmail sai Facebook. A Accounts Centre, ƙarƙashin Password and security, ya sa wata sabuwar kalma daban da ta Gmail, ya kunna Two-factor authentication da manhajar nan dai, ya kwafi lambobin ko-ta-kwana nasa a takardar, ya cire tsohon layi daga bayanan tuntuɓa. Ya buɗe Where you're logged in ya fitar da duk wayar da bai gane ba, har da tsohuwar da ya yi musaya da ita a kasuwar wayoyi ta Ikeja bai goge ba. Sai a ƙarshe ya shiga gem ɗin kansa, ya ɗaura masa hanyar shiga ta biyu idan akwai gurbi a buɗe. Gurbin da aka bari fanko shi ne ɓarawo ke fara cikewa da nasa akawun, don ko an kore shi ta ƙofa ɗaya ya dawo ta ɗayar.

Saura sim ɗin. A saitin tsaro na waya akwai wurin kulle sim da PIN, wanda ke sa duk lokacin da aka sa shi a wata waya ko aka sake kunna waya sai an rubuta lamba kafin ya kama sabis. Wannan shi ke kashe dabarar zare sim. A yi hattara dai: kuskure uku a jere na kulle shi sai an kawo PUK, wadda ke rubuce a jikin katin da aka ɓalle sim ɗin daga ciki, kuskure goma a PUK kuma na kashe sim ɗin ɗungurungum. Don haka kada a yi ta canka, a nemo katin tukuna ko a tambayi ofishin kamfanin layin. Ya kuma hana wayar nuna abin da ke cikin tes a allon kulle, in ba haka ba mai zaune kusa da wayar a wurin cajin kuɗi zai karanta lambar ba tare da ya taɓa ta ba.

Masu buga gem a kwamfuta ko a PlayStation tsarinsu ɗaya ne da ɗan bambanci. Steam, shagon gem na kwamfuta, na da nasa mai suna Steam Guard a cikin manhajarsa ta waya, lambarsa haruffa da alƙaluma 5 ce, kuma yana bayar da lambar dawo da akawun mai farawa da harafin R wadda ita ma takarda take bukata. Wanda bai kunna shi ba, musayar kayansa na iya tsayawa har kwana 15 kafin ta wuce, jinkirin da aka sa da gangan don mai kaya ya farga kafin a kwashe. Mai shiga akawun ɗinsa na PlayStation a na'urar gidan gem kuwa, ya fita ya goge kansa daga na'urar kafin ya tashi, domin mataki biyu ba ya tambayar na'urar da aka riga aka shigar.

Abin da mataki biyu ba ya tarewa

Wanda ya yi duk wannan ya rufe hanyar kalmar da ta fallasa da ta satar sim. Akwai hanyar da ta rage, wadda mai akawun ke buɗewa da hannunsa. Saƙo ya zo a WhatsApp ko Telegram cewa ana rabon UC ko dayamon kyauta, ko ana rajistar gasa, ka danna, shafi ya buɗe da kamannin Facebook sak. Ka rubuta kalmar sirri, ya nemi lambar mataki na biyu, ka rubuta. A daidai lokacin, mai shafin yana zuba abin da ka rubuta a Facebook na gaskiya kafin daƙiƙa 30 ɗin su cika, ya shige. Lambar ba ta san a wane shafi ka rubuta ta ba. Abin da ke tona asirin irin wannan shafi shi ne adireshinsa, da kuma wata alama da na fi yarda da ita: manhajar ajiyar kalmomi ba za ta cike maka kalmar ba, domin ita adireshi take dubawa, launin shafi bai dame ta ba. Idan ta ƙi cikewa a shafin da ya ce shi Facebook ne, ka rufe shi. Tsarin passkey na shiga da zanen yatsa ko makullin waya maimakon kalmar sirri, wanda Google ya buɗe wa kowa a 2023 PlayStation kuma ya kawo a 2024, an gina shi ne don wannan matsala, tunda a ɗaure yake da adireshin gaskiya kuma babu lambar da za a ce ka karanto wa wani.

Haka nan mai sayar da UC da araha wanda ya ce sai ka ba shi bayanan shigarka da lambar da za ta zo. Sayen halal ta shafin da kamfanin wasan ya amince da shi lambar ɗan wasa kawai yake nema, wadda ke kan furofayil ɗinka. Sai gem ɗin da aka yi wa kwaskwarima ake rabawa a waje da Play Store da alkawarin ganin abokan gaba ta bayan bango. Ban da haɗarin a dakatar da akawun, irin wannan fayil na iya zuwa da manhajar da ke karanta tes ko ta kwashe shaidar shigar da ke ajiye a waya, wadda da ita ake shiga ba tare da kalma ko lamba ba. Sayen akawun a hannun wani ma ban ga tsaron da zai gyara shi ba: yawancin kamfanonin gem sun haramta shi a sharuɗɗansu, kuma mai shi na asali, da imel ɗin farko da rasit a hannunsa, na iya karɓe abinsa bayan ya ci kuɗinka.

Alamomin an taɓa akawun a fili suke ga mai lura. Lambar tantancewa ta shigo ba kai ka nema ba: wani na ƙoƙarin shiga ko sauya kalmar, wataƙila ma ta riga ta shiga hannunsa, don haka sauya ta a ranar. Wasa ya fitar da kai da saƙon an shiga daga wata na'ura. Imel ya zo cewa an sauya lambar dawo da akawun. A wannan hali tsarin gyara shi ne na ɗazu, daga imel zuwa Facebook zuwa gem, kuma gaggawa na da riba, domin Google kan ci gaba da amincewa da tsohuwar lamba ko imel na dawo da akawun har kwana 7 bayan an sauya su. Idan waya aka sace, kiran farko na kamfanin layi ne a toshe sim, da banki, sannan a ari waya a shiga Gmail da ɗaya daga lambobin takarda a fitar da wayar da aka sace daga Your devices.

Idan kuma har an cire ka daga gem ɗin gaba ɗaya, masu kula da abokan hulɗa na kamfanin hujja za su nema, ba rantsuwa ba: lambar ɗan wasa, samfurin wayar da aka saba shiga da ita, kusan lokacin da aka buɗe akawun, da rasit ɗin sayayya. Duk abin da aka saya ta Google Play yana da rasit a Gmail mai lambar oda da ke farawa da GPA. Matashin namu na Mile 12 ya nemo mafi tsufa a cikinsu tun yanzu, ya rubuta lambarsa da lambar ɗan wasansa a ƙasan takardar da ya jera lambobin ko-ta-kwana.